An ba ni takardar kira zaman ladabtarwa, jibi ne zaman: me zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi a Ingila, wata goma sha huɗu ke nan. Yau Talata da yamma manaja ta turo mini takarda cewa in zo zaman ladabtarwa ranar Alhamis ƙarfe goma na safe, wai na saɓa ƙa'idar ba da magani. Ba a faɗi wace rana ba, ba a haɗo mini da komai ba. An ce zan iya zuwa da wani, to zan iya zuwa da mijina? Wallahi na rasa abin yi, bizata a kan aikin nan take.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya kawo sauƙi. Na yi shekaru ina aikin nan na kula da tsofaffi, kuma ni wakiliyar ƙungiyar ƙwadago ce a wurin aikinmu, na raka mutane irin wannan zama sau da yawa. Abin da nake so ki yi kafin ki kwanta yau shi ne ki mayar musu da amsa a rubuce, ta imel. Kada ki kira waya, kada ki tsare manaja a bakin ƙofa, domin maganar baki ba ta barin shaida.

Takardar da aka ba ki ba ta cika ba, kuma ga dalili. A Ingila da Sikotilan da Wales akwai hukuma mai suna Acas, tana da kundin ƙa'idoji kan ladabtarwa da ƙorafin ma'aikata. Kundin ya ce takardar kira ta ƙunshi isasshen bayani kan abin da ake zargin mutum da shi da kuma hukuncin da ka iya biyo baya, yadda zai iya shirya amsarsa. Ya ce a mafi yawan lokuta abin da ya dace shi ne a haɗo da kwafin hujjojin da aka rubuta, har da bayanan shaidu. Ya ce a faɗi lokaci da wuri, a sanar da mutum haƙƙinsa na zuwa da ɗan rakiya, a kuma ba shi lokacin da ya isa ya shirya. Kundin bai ƙayyade kwana nawa ba, saboda haka ki ɗauko littafin ƙa'idojin wurin aikinku ki duba, wurare da yawa sun rubuta adadin kwanakin da kansu, kuma idan sun rubuta sai ki riƙe su da shi. Ke da kike raba magani kusan kullum, a ce miki kin saɓa ƙa'ida ba rana ba sunan ɗaki, da me za ki kare kanki? Kundin nan shi kansa ba doka ba ne da za ki kai ƙara a kansa shi kaɗai, amma kotun ma'aikata tana dubawa, kuma idan mutum ya ci shari'a tana iya ƙara masa diyya har kashi 25 cikin ɗari idan masu aikin sun yi watsi da kundin ba tare da dalili ba. Manajoji sun san wannan, shi ya sa ambaton Acas a cikin imel yake sa su gyara zama.

Ki sake karanta takardar, ki nemi kalmomi biyu: "gross misconduct" da "dismissal". Ta farko babban laifi take nufi, irin wanda ake korar mutum nan take ba wa'adi, ta biyu kuwa kora. Idan suna ciki, aikinki ne a kan faifai. Idan ba su ciki kuma ba a faɗi wane hukunci ake tunani ba, ki tambaya a cikin imel ɗin. Kada ki shiga ɗakin kina zaton gargaɗi ne ki fito babu aiki.

Batun maigidanki kuwa, doka ba ta ba ki shi ba, sai dai idan shi ma a wurin yake aiki. Sashe na 10 na dokar Employment Relations Act 1999 mutum iri uku ya amince da su: abokin aiki, ko jami'in da ƙungiyar ƙwadago ta ɗauka aiki, ko wakilin ƙungiya da ƙungiyarsa ta tabbatar a rubuce cewa yana da horo ko gogewa a kan rakiya. Miji da ɗan'uwa da lauya ba sa ciki. Za ki iya roƙo, wasu wuraren suna yarda, amma alfarma ce. Haƙƙin zuwa da ɗan rakiya kuma naki ne tun ranar da kika fara aiki, ba sai kin yi shekara kaza ba, kuma ba sai wurin aikin ya amince da ƙungiyar ba kafin wakilinta ya shiga. Idan kina UNISON ko GMB ko wata ƙungiya, ki kira reshenku gobe da sassafe. Idan ba ki cikin kowace, in gaya miki gaskiya, galibi ba sa ɗaukar matsalar da ta riga shigar mutum, sai ki nemi abokiyar aiki mai natsuwa wadda ba ta cikin shaidun. Ki gaya mata doka ta ba ta lokacin zuwa da albashinta, kuma ta hana a muzguna mata saboda ta raka ki. 'Yan'uwanmu da yawa tsoron wannan ne yake sa su zille.

Ga inda za ki samu numfashi. Idan wadda kika zaɓa ba za ta samu zuwa a lokacin da aka sa ba, kina da ikon ba da wani lokaci, kuma dole su ɗaga matuƙar lokacin ya dace da hankali kuma bai wuce kwanaki biyar na aiki ba. Ana fara ƙirga daga ranar aiki ta farko bayan ranar da suka sa. A naki lissafin, Juma'a ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Kin ga kina da har Alhamis ta mako mai zuwa. Amma ki lura, wannan ikon na rashin samun 'yar rakiya ne, kada ki ƙirƙiro shi. Rashin hujjoji dalili ne na daban, ki rubuta shi daban. Kuma ko kwana biyar ɗin ba su ne iyakar adalci ba: a 2018, a shari'ar Talon Engineering da Smith, kotun ɗaukaka ƙarar ma'aikata ta tabbatar da cewa korar wata mata ba ta bisa adalci ba, domin an ƙi jiran wakilin ƙungiyarta na kimanin mako biyu aka yi zama a bayan idonta.

Imel ɗin ba ya buƙatar tsawo. Ki ce kin samu takardar kuma kina da niyyar halarta. Ki nemi a faɗa miki rana da lokaci da ainihin abin da ake cewa kin yi. Ki nemi kwafin rahoton bincike da bayanan shaidu da shafin ranar na takardar magani da ake sa hannu a kai idan an bayar, da jadawalin aiki da ƙa'idar da aka ce kin saɓa. Ki faɗi sunan wadda za ta raka ki, ki ba da ranar da kike so a mayar da zaman. Kada ki sa ko layi ɗaya na kare kai ko ban haƙuri a ciki, tunda ba ki ma san abin da ake zargi ba tukuna.

Bari in ba ki labarin wani yaro da na raka, don ki ga amfanin takardun nan. Tasa takardar kamar taki take, layi ɗaya. Muka nema, bayan kwana biyu aka turo shafi tara. Zargin shi ne wata tsohuwa da ke hawan ƙasa na gidan ba ta samu maganinta na ƙarfe goma na dare ba, akwatin sa hannu a takardar magani fayau, kuma jadawali ya nuna shi ne mai ƙasa a daren. Da ya gani sai jikinsa ya mutu, ya ce mini, "Anti, shi ke nan, sunana ne a kai." Muka zauna a kicin ɗina da shayi, muka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya da biro. A bayanin shugabar dare, can ƙasan shafi, akwai jimla ɗaya da ta ce ma'aikaciyar haya ba ta zo ba a daren, sai aka sake raba aiki. Nan ya tuna an mayar da shi sama tun wajen ƙarfe tara. Muka sake rubutawa muka nemi takardar magani ta sama da littafin miƙa aiki, sai ga sa hannunsa a sama ƙarfe goma, a ɗaki bayan ɗaki. Ba wanda ya gyara jadawalin, mai bincike kuma jadawalin kawai ya duba.

Bai fita fes ba, kuma ba zan ɓoye miki ba. Da zai hau sama bai rubuta a littafin miƙa aiki cewa maganin ƙarfe goma na ƙasa yana nan ba a bayar ba. Ya amsa wannan da bakinsa, aka ba shi gargaɗin farko a rubuce na wata shida. Amma da kora aka kira shi. Da ya shiga a ranar da aka fara sawa, hannu rabbana, da an ajiye masa jadawalin nan a gabansa ya ce ƙila mantuwa ya yi, domin wa yake tuna daren da ya wuce da mako uku?

Ki san aikin 'yar rakiyarki tun kafin ku shiga. Tana da ikon gabatar da bayaninki, ta taƙaita shi a ƙarshe, ta mayar da martani kan ra'ayin da aka faɗa, kuma ku yi shawara a tsakiyar zaman. Abin da ba za ta yi ba shi ne amsa tambayar da aka yi miki. A rakiyata ta farko na yi wannan kuskure, na karɓe amsa daga bakin wadda na raka, shugaban zaman ya tsayar da ni, kuma da gaskiyarsa. Abin da na koya shi ne in riƙa rubuta duk abin da aka faɗa, in kuma nemi hutun minti biyar da zarar na ga muryar mutum ta fara rawa. Idan aka fito da wata takarda da ba ki taɓa gani ba, ki ce ba a ba ki ita ba, ki nemi a dakata ki karanta, kuma a rubuta haka a bayanin zaman. Ki duba ma wa zai jagoranci zaman, domin kundin ya ce inda zai yiwu, wanda ya yi bincike daban, wanda zai yanke hukunci daban. Idan kina da shaidar da za ki kira, ki sanar da su tun kafin ranar.

Abu biyu nake roƙonki. Kada ki ƙi zuwa don fushi ko tsoro, domin wanda ya yi ta ƙin halarta ba dalili ana iya yanke hukunci a bayansa da hujjar da ke hannu. Kuma kada ki ajiye aiki don wani ya ce miki ya fi mutunci, musamman ke mai biza. Ko kora ce ko ajiyewa, masu aikin da suka ɗauki nauyin bizarki za su sanar da ma'aikatar cikin gida, kuma galibi kwana 60 ake ba mutum ya samu wani mai ɗaukar nauyi. Wannan ɓangaren ki kai shi wurin mai ba da shawara kan shige da fice wanda yake da rajista, ni ba fagena ba ne.

Idan suka ƙi ɗagawa ko suka hana 'yar rakiyarki shiga, ki je, ki faɗa a farkon zaman cewa ba ki yarda da haka ba, ki sa a rubuta. Hana rakiya ƙara ce mai zaman kanta a kotun ma'aikata, diyyarta har albashin mako biyu, kuma zai yi miki amfani wajen ɗaukaka ƙara a cikin wurin aikin. Layin Acas na ba da shawara 0300 123 1100 ne, ki kira su gobe lokacin hutunki. In kin rubuta imel ɗin, ki cire sunayen tsofaffin da na wurin aikin ki turo mini ta gefe, ina nan har ƙarfe goma sha ɗaya, zan duba miki kafin ki tura.