Lam biyu a ayar azumi: wanne ne umarni, wanne ne dalili?

Tambaya: Malam, ina karantar da yara fassara. A Baƙara aya ta 185 akwai "falyasumhu" da "wa litukmilul idda", duk da harafin lam. Ina tsoron kada in mayar da umarnin Allah bayanin dalili. Yaya zan bambance?

Amsa: Ɗan'uwa, tsoronka yana kan hanya. Lam ɗin "falyasumhu" na umarni ne, ya yi wa fi'ilin jazma. Asalinsa "yasuumu", da mim ya ɗauki sukun sai wawun ya faɗi, don sakinai biyu ba sa haɗuwa. Da mansubi ne, "yasuumahu" za ka ji. Hausarsa: wanda ya halarci watan daga cikinku, sai ya azumce shi.

Shi kuwa "litukmilu" mansubi ne, lam ɗinsa na dalili ne: kuma domin ku cika adadin. A nan ido ba zai taimake ka ba, saboda yana cikin fi'ilan nan biyar, waɗanda harafin nun na ƙarshensu yake faɗuwa a jazma da nasabi duka. Amma lura, magana ce da waɗanda ake fuskanta, kuma Balarabe in zai umarce su, galibi "akmilu" yake cewa. Hausa ma tana da nata tarkon: "ku cika" siga ɗaya ce ko an yi umarni ko an kawo dalili. Ka yar da "domin", ka sauya i'irabin ayar ba ka sani ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wata ƙa'idar bogi da masu gaggawar hawa kujerar tafsiri ke yaɗawa, wai duk lam mai kasra "domin" ne, mai sukun ne kawai umarni. Rabinta ne gaskiya. Lam na umarni asalinsa kasra ne, bayan wawu ko fa'un ne ya fi yin sukun. Duba "liyunfiƙ zu sa'atin" a Ɗalaƙ aya ta 7: ga kasra, ga kuma sukun a ƙarshen fi'ilin. Ma'anarsa mawadaci ya ciyar daga wadatarsa. Wanda ya sa "domin" a nan ya zare wajibcin ciyarwa daga ayar.

Ga mu masu Warshu abin ya fi haɗari. A Hajji aya ta 29 Hafsu na karanta "summal yaƙdu", Warshu kuwa "summa liyaƙdu" da kasra. Mai waccan ƙa'ida sai ya ce "domin su gusar da ƙazantarsu", alhali fi'ilan da aka jingina masa, "walyufu" da "walyaɗɗawwafu", lam ɗinsu sukun gare shi ko a Warshun. Ukun duk umarni ne: su gusar, su cika bakance, su yi ɗawafi.

Don Allah, kafin ka ce wa yaro "domin", dubi ƙarshen fi'ilin. In jam'i ne, dubi abin da aka jingina masa, sannan ka buɗe littafin i'irabi.