Kasuwa, aji ko gyaran waya? Ɗauko takarda tukuna

Tambaya: Malam, na gama bautar ƙasa. Kawuna yana so in zauna masa a shago a Kantin Kwari, wata makarantar kuɗi ta yi mini tayin koyarwa, ni kuma raina yana ga gyaran waya. Na rasa na zaɓa. Daga wani matashi a Kano.

Amsa: Ƙanena, raba takarda gida uku: abin da kake darajawa, abin da ka iya, da abin da ba ka so.

A gidan farko kada ka wuce abu uku. Kowa zai rubuta "rufin asiri", amma wannan ba zai raba maka gardama ba. Rubuta abin da za a iya gani: kwana a gida kusa da mahaifiya, kuɗin da ke shigowa kowane wata, zama mai gidan kanka. Sai ka gwada su biyu-biyu: in dole ka saki ɗaya, wanne za ka riƙe? In ka ji muryar kawu kake rubutawa, goge.

Gida na biyu yana buƙatar shaida. Me mutane ke kawo maka ba tare da ka nema ba? Wa ka taɓa koya wa abu har ya gane? Tambayi mutum biyu da ba sa jin kunyarka.

Gida na uku na fi ba muhimmanci, don sau da yawa abin da mutum ba ya so ne ke korarsa daga aiki. Ja layi ƙarƙashin wanda ba za ka jure shekara guda ba, sauran kuwa haƙuri ne.

Yanzu ajiye sunan sana'a, ka dubi yininta. Kwari ciniki ne daga safe zuwa yamma, da bin bashi, da jiran kakar Sallah. Koyarwa tsayuwa ce gaban allo, duba littattafai da dare, da albashi ƙarami amma sananne. Gyara kuwa zama ne wuri ɗaya, ido a kan ƙananan sassa, watanni ƙarƙashin maigida ba wani samu, ga mai waya da zai ce kai ka ƙarasa ta.

Mu ƙaddara ka ja layi ƙarƙashin "ja-in-ja a kan farashi". To Kwari ta fita, gyaran ma da sauran magana, don mai gyara kullum yana ciniki. In kuma kuɗin wata ne a samanka, ka karɓi koyarwa, ka riƙa zuwa wajen mai gyara Asabar da Lahadi.

Takardar ba ta san kasuwa ba, ba ta san jarinka ba. Saboda haka kafin ka ba kawu amsa, roƙe shi mako guda a shagon. Kowane dare ka rubuta sa'ar da ta wuce ba ka sani ba, da wadda ka yi ta duba agogo.