Yayanmu Yana Son Mayar da Takardar Gidan Gado Zuwa Sunansa

Assalamu alaikum Anti. Mahaifinmu ya rasu a 2019, ya bar gida ɗaya a Kano mai satifiket ɗin mallaka da sunansa. Ya bar mahaifiyarmu da 'ya'ya biyar, maza biyu da mu mata uku, iyayensa kuwa sun riga shi rasuwa. Ba a raba gado ba har ƙanena ya rasu a 2022, ya bar mata da yara ƙanana, namiji da mace. Yanzu babban yayanmu ya kawo takarda yana son mu sa hannu a mayar da satifiket ɗin sunansa shi kaɗai, wai don aiki ya yi sauƙi, kuma ya ce haƙƙin kowa yana nan. Ba na zarginsa da komai, amma hankalina bai kwanta ba. In sa hannu?

Wata baiwar Allah, Kano

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan mahaifinku da ƙanenki, ya raya abin da suka bari.

Kada ki sa hannu a wannan takarda, kuma ba don Yaya mugu ne ba. Ofishin filaye ba ya sanin alkawarin da aka yi a tsakar gida, sunan da ke cikin rajista kawai ya sani. Ranar da satifiket ya koma sunan Yaya shi kaɗai, zai iya jinginar da gidan a banki ko ya sayar ba tare da an nemi ɗayanku ba. Ko da bai taɓa yin haka ba, in ta Allah ta kasance a kansa, 'ya'yansa za su tarar da takarda da sunan ubansu, ku kuma ku koma neman shaidu kan maganar da aka yi da baki shekaru da suka wuce. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi: yaran marigayi ƙanenki suna da rabo a gidan, kuma babu wanda ke da ikon sarayar da haƙƙin maraya, ko da mahaifiyarsu ce.

Sauya suna shi ne mataki na ƙarshe, rabon gado ne na farko. Ku je kotun Shari'ar Musulunci da ke da hurumi a yankinku ku nemi a raba, kuna ɗauke da takardar shaidar rasuwar mamatan biyu, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, da satifiket ɗin gidan, da shaidun da suka san iyalin. Zuwa kotu a nan ba ƙarar Yaya ba ne, domin ko babu saɓani ana zuwa, saboda hukuncin alƙali a rubuce shi ne abin da za ku nuna wa hukumar filaye. Alƙali zai tabbatar da su waye magada, ya fitar da bashin mamaci, da wasiyya idan akwai, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, sannan ya sa a yi wa gidan ƙima.

Mu ɗauka an ƙiyasta gidan a kan naira miliyan 24 kuma babu bashi ko wasiyya. Mahaifiyarku tana da tumuni, wato miliyan 3. Ragowar miliyan 21 za a kasa ta bakwai, kowace mace ta ɗauki miliyan 3, kowane namiji miliyan 6. Ƙanenki yana raye lokacin da mahaifinku ya rasu, saboda haka miliyan 6 ɗinsa ta tabbata, kuma za a sake raba ta ga nasa magadan, abin da malamai ke kira munasakha. A ciki mahaifiyarku za ta sami sudusi, miliyan 1, matarsa ta sami tumuni, naira 750,000, sauran naira 4,250,000 kuma na yaransa ne, namiji ya ɗauki ninkin na mace. Ku 'yan'uwansa ba ku da komai a wannan kason, tunda ya bar ɗa namiji. Kin ga ke nan Yaya yana da kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na gidan da yake son ya ɗauki sunansa, masu haƙƙi kuma sun zama mutum takwas. Jinkirin 'yan shekarun nan ne ya ƙara yawansu, kuma duk rasuwar da aka sake yi kafin rabo za ta ƙara wasu.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, hukuncin kotu yana tabbatar da rabon kowa, amma ba ya canja sunan da ke fayil ɗin gwamnati da kansa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, satifiket kuma shaida ce ta izinin zama na wa'adi, galibi shekara 99 ga gidan zama. Sashe na 24 na dokar ya yarda izinin ya sauka ga magada bisa tsarin gadon mamacin, amma ya hana a tsaga shi gida biyu ko fiye sai da amincewar gwamna. Don haka idan kuka ja katanga a tsakiyar gida kowa ya kama ɓangarensa, a idon hukuma har yanzu fuloti ɗaya ne da sunan mahaifinku.

Wannan ya bar muku zaɓi. Kuna iya neman a rubuta sunayen magada duka bisa hukuncin kotu, wanda yake kare kowa, sai dai duk ranar da za a sayar sai an tattaro hannun kowa. Kuna iya sa safiyo ya yanka filin a nemi takarda daban ga kowane yanki, amma gidan zama ɗaya da wuya ya yanku takwas ya yi amfani. A ganina, idan Yaya yana son gidan, hanya mafi tsafta ita ce ya biya sauran magada miliyan 18 ɗinsu a gaban alƙali, kason yaran ya shiga hannun wanda kotu ta ɗora wa kula da dukiyarsu, sannan kotu ta ba shi takardar da zai kai hukumar filaye a mayar da satifiket ɗin sunansa. A lokacin ne sa hannunki zai zama a kan abin da kika riga kika karɓi haƙƙinki. Sai dai a fara shawara da Hajiya kan inda za ta zauna, kada a gyara takarda a bar uwa da neman ɗaki.

Kafin a kashe kuɗi a kan kowace hanya, ki sa lauya ya binciki fayil ɗin a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Kano, da lambar da ke jikin satifiket. Binciken zai nuna ko sunan mahaifinku ne har yanzu, ko an taɓa jinginar da gidan, da kuma bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara da ya taru, wanda sai an biya shi kafin a taɓa fayil ɗin. A nan ne kuma za a faɗa muku ko hukuncin kotun ya wadatar, ko sai kun haɗa da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga Babbar Kotun jiha. Ku duba rubutun sunaye da kyau, domin idan satifiket ya ce Muhammad, takardar rasuwa ta ce Mamman, sai an yi takardar rantsuwa a kotu kafin aiki ya ci gaba.

Game da Yaya kuwa, kada ki tunkare shi da "ban yarda ba". Ki sami kawunku ko wani dattijon da yake jin nauyinsa, a gaya masa cewa saboda marayun nan kuna son alƙali ya raba. Kafin ranar zaman, ki nemi hoton satifiket ɗin da na takardar da ya kawo, ki ajiye a wurinki.