Man da ya yi hayaƙi a kasko

"Maigida, ni dai a sanina sai mai ya fara hayaƙi ake cewa ya yi zafin suya. To jiya da na ga ya fara tashi zan zuba kifi, sai ka ce in janye itace in dakata. Yau kuma ka sa an zubar da na tsohon kaskon, alhali da sauransa da yawa. Mene ne laifin hayaƙin?"

To yaro, zauna ka ji. Zafin da muke bukata don kifi ko doya ko ƙosai yana tsakanin digiri 170 zuwa 180 ne a ma'aunin Salsiyas. Sabon man gyaɗa na kamfani, wanda aka tace tas, ba ya fara hayaƙi sai ya kai wajen 230. Ka ga kenan in sabon mai ya yi maka hayaƙi, ka wuce zafin suya da digiri hamsin, kuma man ya fara lalacewa tun kafin ka sa komai a ciki.

Kowane mai da iyakarsa. Man ƙuli na gida, mai ƙamshin nan da muke so a yaji da wake da shinkafa, tun wajen 160 yake fara hayaƙi, saboda akwai ragowar tunkuza da ba ta fita ba, ita ce take fara ƙonewa. Ɗanyen man shanu ma haka, don akwai ruwa da ragowar nono a cikinsa, amma in aka soya shi aka tace, yana jure wuta har kusan 250. Manja kuwa da wuri yake hayaƙi. Masu barinsa a wuta har jan ya fita ya koma fari suna cika gida da hayaƙi, sun kuma ƙone sinadarin da ya ba shi jan, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Ni ban yarda da wannan aikin ba ko kaɗan.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne, wannan iyakar ba a tsaye take ba, sauka take yi kullum. Ɗauki kaskonmu na kifi. Mun zuba lita biyar na sabon mai. Duk kifin da ka jefa yana ɗauke da ruwa, wannan ƙarar da kumfar da kake gani ruwan ne ke fita. Shi ruwa a cikin mai mai zafi raba man yake yi gida biyu: wani ɓangare ya zama asid na kitse, wani ya zama gilisarin. Asid ɗin da ya saku yana saurin yin hayaƙi fiye da man da yake cikakke, don haka yawansa shi ke jawo iyakar ƙasa. Sai ka haɗa da burbushin fatar kifi da garin yaji da ke kwanciya a gindin kasko suna ta ƙonewa, ga gishiri, ga iska da ke bugun man duk yini. Man da ya fara da 230, in ana ta maimaita shi babu tacewa, yana iya saukowa har ya riski zafin suyar kansa. Shi ne abin da ya sami tsohon kaskon: wuta daidai, amma hayaƙi na tashi. Wannan ba ya gyaruwa da rage wuta, man ne ya mutu.

Shi kuma gilisarin ɗin, in zafi ya yi masa yawa, yana rikiɗa ya zama wani sinadari da ake kira akrolin. Ka san shi ko da ba ka san sunansa ba: shi ne yajin da ke shiga maka ido har hawaye ya zubo, ya kuma bar maka maƙaƙi a maƙogwaro. Bayan shi akwai danginsa da ake kira aldehaid, waɗanda ke fitowa idan iska da zafi suka haɗu a kan mai. Man waken suya da na masara da na sanfulawa sun fi fitar da su, domin irin kitsensu ya fi saurin karyewa. Man gyaɗa da farin man kwakwar manja da aka tace sun fi juriya. Wasu daga cikin sinadaran nan suna bin hayaƙi zuwa huhunka, wasu suna zama a cikin man su shige kifin da mutum zai saya wa 'ya'yansa. Kuma suna fara taruwa tun kafin ido ya ga hayaƙi, in man ya daɗe a kan wuta.

Ba tsoratar da kai nake yi ba. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, a rahotonta na 2010 ta sa hayaƙin suya mai tsananin zafi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji. Cikin hujjojinta akwai binciken da aka yi a ƙasar Sin kan mata masu ciwon dajin huhu waɗanda ba su shan taba, sai dai shekara da shekaru suna suya a ɗakin girki. Mai saye sau ɗaya yake ci ya tafi. Ni da kai ne muke tsaye a kan kasko daga la'asar har dare, shi ya sa ba na yarda a yi suya a cikin shago a rufe, kuma nake cewa ka tsaya ta inda iska ke ba ka baya.

Yanzu yadda za ka gane zafi ba tare da jiran hayaƙi ba. Ɗiga ɗan ƙullu ko yankan albasa. In ya nutse ya kwanta shiru, da saura. In ya nutse ya taso nan da nan da ƙananan kumfa kewaye da shi, zuba kayanka. In bai ma nutse ba ya yi ja kafin ka ɗauko matsami, wuta ta yi yawa, janye itace. Lokacin da ya fi haɗari shi ne tsakanin kwashewa da sake zubawa. Kifi na ciki yana shanye zafi, da ka kwashe shi sai man ya hau da gudu. Saboda haka kafin ka kwashe, ka tabbata na gaba yana shirye, an tsane masa ruwa sosai, in kuwa babu ciniki ka rage wuta. A kan gas murɗawa ce kawai, a kan itace sai ka zare guda biyu.

Bayan kowane zubi ka bi da matsami ka tsame burbushi. In an tashi, bari ya huce, ka tace da rariya da ƙyalle mai tsabta, ka zuba a mazubi mai murfi, ka ajiye inda rana ba ta bugu. Kada ka bar shi ya kwana a buɗe a kasko. Ƙara sabo a kan wanda yake da sauran lafiya daidai ne, amma ƙara shi a kan matacce asarar sabon ce.

Mataccen mai ba ya ɓuya. Ya yi duhu, ya yi kauri yana zuba a hankali daga ludayi, kumfarsa ba ta kwanciya ko ka kwashe kifi, gefen kasko ya yi danƙo, kifi ya yi baƙi a waje cikinsa bai nuna ba. Biyu daga cikin waɗannan in suka haɗu da hayaƙi a wuta matsakaiciya, sauke shi. Kada ka sayar wa wata mai ƙosai don yana da araha, ka kai wa masu yin sabulu.

In kuma wata rana ka yi sakaci hayaƙi ya yi kauri ya turnuƙe, to man ya kusa 320, inda tururinsa ke kama wuta. Kashe gas ko ka zare itacen, kada ka ɗaga kaskon. In ya kama, rufe shi da faifan ƙarfe ka bar shi a rufe har ya huce. Ruwa kam ko cokali ɗaya kada ka zuba, domin nan take zai zama tururi ya watso maka man da wutar a fuska.