Kobon da ke ɓacewa a lissafin biyan kuɗi ta waya

"A manhajar da nake rubutawa, jimillar kuɗi tana saɓa wa ta banki da kobo ɗaya ko biyu. Ina kobon yake zuwa?"

Ɗan'uwa, ina kyautata zaton a `float` ko `double` kake ajiye kuɗin. Kwamfuta tana riƙe waɗannan lambobi ne da tushe biyu, kuma 19.99 ba ta da cikakken siffa a wannan tushe, sai abin da ya kusa da ita. Gwada wannan a Python:

```python
int(19.99 * 100)  # 1998
```

Ninkin ya fito ƙasa da 1999 da ɗan ƙiris, shi kuwa `int` yanke wutsiya yake yi, ba ya zagayewa. Nan kobo ɗaya ya tafi.

Maganin shi ne ka ajiye kuɗi a matsayin cikakkiyar lamba ta kobo, wato 1999, a `BIGINT` cikin rumbun bayanai. Sai wajen nuna wa mai waya za ka sa ɗigon. In adadin ya shigo a rubuce, ka karanta shi da `Decimal("19.99")`, da alamun zancen nan, domin in ka cire su lambar ta gurɓace tun kafin ta iso.

Rabo kuma matsalarsa daban. Kobo 10000 tsakanin mutum uku, kowa 3333, saura ɗaya. Wannan ɗayan kuɗin wani ne, don haka ka tsayar da doka kan wanda zai karɓe shi, ka rubuta shi a littafin shiga da fita. In giɓin yana biyo bayan rabo ko cire kaso kaɗai, to daga nan yake.