Ilimi, malam da madarasa: tushensu ɗaya ne?

"Don Allah wai gaskiya ne a Larabci ilimi da malami da makaranta duk daga haruffa uku guda suka fito?"

Ɗan uwa biyun farko eh, amma makaranta kam gidanta daban. Ilimi da malam daga ainun, lamun, mimun suke. Alima shi ne ya sani, in ka sa shadda a kan lamun ɗin sai ya koma allama wato ya sa wani ya sani, to mai yin wannan aikin shi ne mu'allim, wanda bakin Bahaushe ya murza ya mayar malam. Ka ga kenan alimi da mu'allim ba ɗaya ba ne, na farko ya sani ne kawai, na biyun kuwa shaddar nan ce ta ɗora masa nauyin sanar da wani. Har alama ma daga nan take, abin da ake gane abu da shi.

Ita madarasa, wato makaranta a Larabci, daga dal, ra, sin ta fito, gidan su darasi da mudarris, kuma "ma" ɗin farko wuri yake nunawa kamar a maktab da masjid. Wato sunan wurin bita ne da maimaita karatu, ba wurin sani ba, ni dai haka nake fahimtarsa.

Sai dai kar ka ɗauka tushe kullum ma'ana ɗaya yake bayarwa fa, darasa ɗin nan da madarasa ta fito daga gare shi, in an faɗe shi kan tsohon kango nufinsa ya shafe, sawunsa ya ɓace, sai ka duba jimlar tukuna.