Me ya sa launin tambarina ke canzawa?

"Jan tambarina daban a waya, daban a kan leda. Ina matsalar take?"

'Yar'uwa, "ja" kawai kike ce wa mai bugawa, ja kuwa kala-kala ne. Ki tsayar da lamba ɗaya da ke nuna ainihin jan da kike so, misali `#C62828`, ki riƙa ba duk mai yi miki zane ita. Sai dai allon waya da haske yake haɗa launi, injin bugawa kuma da tawada, shi ya sa ja mai ƙyalli kan dushe a takarda. Kafin a buga dubu, a fara buga miki guda ɗaya a kan ainihin ledar, ki duba da rana, ba ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. In ya yi, ki adana shi, da shi za ki riƙa gwada na gaba.